Yadda A Ke Rubuta Jerin Magungunan Tsoho Domin Likita

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, su san yadda za su taimaki talakawan da ke jinyar iyayensu tsofaffi. Sau da yawa tsoho ya kan haɗa ciwo biyu ko uku, ko wane ciwo kuwa da nasa magani. Wani an ba shi a Asibitin Murtala Muhammad, wani a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wani kuma ɗansa ya sayo a kantin magani na Fagge ko na Sabon Gari. Ko wane mai ba da magani nasa kaɗai ya sani. To, in aka je gaban likita aka ce, "Yana shan fara da safe, ja da dare," ba a gaya masa kome ba, gama fararen ƙwayoyi ba su ƙirguwa. Abin da likita ke bukata shi ne takarda guda, wadda zai duba ya ga abin da ke shiga cikin tsohon ko wace rana.

Tattarawa

Aikin farko shi ne a tara kome a faifai guda, da rana, inda akwai haske. A duba ƙarƙashin matashi, da aljihun riga, da cikin kwanon goro. A haɗa har da ɗigon ido, da man shafawa, da jiƙo ko sassaƙe, domin su ma magani ne. Sa'an nan a ware iri biyu gefe: wanda kwanansa ya wuce, da wanda ba suna a jikinsa. Ana gane na farko da wata da shekarar da aka buga kusa da haruffan EXP. Na biyu kuwa kada a ƙaga masa suna don ya yi kama da wani. A bar shi cikin takardarsa a kai wa likita.

Magani guda, suna biyu

Nan ne a ka fi yin ɓata. Yawancin magunguna suna biyu gare su. Akwai sunan da kamfani ya raɗa, wanda a ke bugawa da manyan haruffa, akwai kuma sunan asali, wanda ya kan zo a ƙarƙashi da ƙananan haruffa. Fanadol sunan kamfani ne, sunansa na asali farasitamol. Kamfani goma sa iya yin magani guda, ko wanne da nasa suna da launin kwali. Saboda haka sunan asali a ke rubutawa, a kwafe shi harafi da harafi yadda ya ke a jikin kwali, tare da lambar da ke gaban haruffan mg, watau miligiram, wadda ke nuna ƙarfin ƙwaya.

A raba takardar gida biyar: sunan asali da ƙarfinsa, ciwon da a ke sha dominsa, wanda ya ba da shi da ranar, yadda aka ce a sha, da yadda tsohon ya ke sha. Gidan ƙarshe ya fi sauran amfani, shi ne kuma ba a samu a jikin kwali. Sai an tambayi tsohon a hankali, ba da faɗa ba, don in ya ga za a zarge shi zai ɓoye gaskiya.

Misali

A ɗauka wani dattijo ne a Fagge, mai shekara 74, yana da hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa. 'Yarsa ta tara abu tara. Ta ware biyu: kwalbar maganin tari da kwananta ya wuce, da ƙullin fararen ƙwayoyi marar suna. Sauran bakwai suka zama layi shida:

1. Amlodifin, miligiram 5, na hawan jini. Likita ya ce ɗaya kullum. Kwali biyu ne, na asibiti da na kanti, yana shan ɗaya daga ko wanne.
2. Metfomin, miligiram 500, na sukari. Likita ya ce safe da dare. Da safe kaɗai ya ke sha, don yana ɓata masa ciki.
3. Diklofenak, miligiram 50, na gwiwa, daga kanti. Biyu kullum.
4. Ibufurofen, miligiram 400, na gwiwa, maƙwabci ya ba shi. In ciwo ya tsananta.
5. Farasitamol, miligiram 500. Biyu, jefi jefi.
6. Jiƙo da jar kanwa. Moɗa guda da safe.

Layin farko ya tona abin da ke ɓoye. An rubuta masa miligiram 5, shi kuwa 10 ya ke sha, don sunayen kamfani sun bambanta ya zaci magani biyu ne. Alamar wannan ita ce kumburin idon sawu da jiri sa'ad da mutum ya miƙe. In ba a gane ba, sai a ƙara masa wani magani don kumburin, alhali kuwa magani ne ya kawo shi.

Layi na biyu ya nuna rabin abin da aka ce ya ke sha. Likitan da bai san haka ba, in ya ga sukari bai sauka ba, zai zaci maganin ya kasa, ya ƙara mai ƙarfi.

Na uku da na huɗu dangin juna ne, ba a haɗa su. Su kan ci ciki har ya yi jini, su raunana ƙoda, su ta da hawan jini, tsoho kuwa ya fi yaro saurin cutuwa da su. Na shida ma ba a raina shi ba, gama kanwa danginsu ɗaya da gishiri, wanda a ke hana mai hawan jini yawan ci.

Iyakar aikin mai jinya da malami

Mai jinya da malamin da ya rubuta masa ba likitoci ba ne. Ba nasu ba ne su tsai da magani ko su ƙara. Amma in jerin ya nuna ana shan magani guda sau biyu, kada a jira ranar da aka sa za a koma asibiti. A nemi likita ko mai harhaɗa magunguna a ranar. In kuwa bayan gidan tsohon ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ko ya suma, sai asibiti nan take.

A saman takardar a rubuta sunan tsohon, da shekarunsa, da kwanan wata, da duk maganin da ya taɓa sa masa ƙuraje ko kumburin fuska. A yi kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya cikin katin asibiti. Ran zuwa a tafi da takardar da kwalayen duka cikin jaka guda, don likita ya gwada rubutu da kwali. In ya sake wani magani, a yi sabuwar takarda a yage tsohuwar, kada biyu su riƙa yawo. Kafin azumin Ramadan ma a kai masa ita, shi zai gyara lokutan sha, balle ga mai ciwon sukari.

Ana roƙon hakimai su sanar da dagatai da masu unguwanni wannan bayani, su kuma umurci malamansu su rubuta wa wanda bai iya karatu ba. Malami ya tuna ciwon mutum asirinsa ne. Abin da ya gani a takardar, tsakaninsa ne da mai jinya da likita.