Amsar Tambaya: Ina Kofil Ya Shiga a Zanen Bim?

Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, Naraguta. Bim ɗina mita 6 ne, an tallafe shi a A da B, tazarar mita 4, ragowar mita 2 sun zarce zuwa C mai nauyin 10 kN. Kofil na 20 kNm yana mita 2 daga A, yana juyawa kamar hannun agogo. Zanen momen ya ƙi rufewa a sifili.

Ɗana, kwantar da hankalinka. Fara da momen a A: 20 + 10×6 = 4R, don haka B na tura 20 kN sama. A kuwa ƙasa yake jan bim da 10 kN, kuma a nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe.

Kofil ba ya sa tsalle a zanen shiya: −10 ne daga A zuwa B, sannan +10 har C.

A zanen momen yake bayyana. Layin ya gangaro zuwa −20 a mita 2, kofil ya ɗaga shi tsaye zuwa sifili, ya sake gangarowa −20 a B, ya hau sifili a C. In ka samu −40 a C, ka juya alamar tsallen ne. In −20 ka samu kuwa, ka manta da kofil ɗin ne.