Zurfin rami daban, kaurin kankare daban

Da zarar an gama girbi, an kai masara da shinkafa kasuwa, sai ka ga ramukan harsashi sun fara bayyana a filaye daga Rogo zuwa Zarewa, Fulatan da Beli. A wannan lokacin ne ake yawan kawo mini tambaya guda, ni da aikina ya zama auna gini da ƙiyasta kayansa: kankare nawa harsashin nan zai ci, kuma buhun siminti nawa zan tanada? Lissafin kansa gajere ne. A ninka faɗin rami da kaurin kankare, a sake ninkawa da jimillar tsawon ramin. Abin da ya fito shi ne yawan kankare a kubik mita, wato cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk mita guda-guda ne. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen samo lambobin nan uku.

Babban ruɗanin yana kan zurfi. Lebura ya haƙa rami mita 0.9, wato kimanin ƙafa uku, sai mai gida ya ɗauki wannan lambar ya sa a lissafi. Alhali kankaren ba ya cika ramin. Shimfiɗa ce ake zubawa a ƙasan rami, a gidan da ba bene ba yawanci kaurinta inci shida zuwa tara, sannan a jera bulo a kanta har ya fito saman ƙasa, a mayar da ciko a gefe da gefe. Zurfin rami na lissafin kuɗin haƙa ne. Kaurin shimfiɗar ne ke shiga lissafin kankare.

Mu ɗauki irin ginin da kowa ya sani a nan, ɗakuna uku a jere. Tsawonsa daga waje mita 12, faɗinsa mita 4.5, da bulo inci tara mai kaurin mita 0.225. Al'adar magina ita ce a yi faɗin rami ninki uku na kaurin bulo, ya zama mita 0.675. Kaurin kankaren kuma mu sa 0.225.

Saura tsawo, kuma a nan ne sai an ɗan nutsu. Idan ka zagaye ginin da tef ta waje za ka samu mita 33. Amma bangon yana zaune ne a tsakiyar ramin, don haka layin tsakiya ake aunawa, ba bakin waje ba. Kowace kusurwa tana rage kaurin bulo ɗaya, kusurwa huɗu kenan 0.9, ya rage mita 32.1. Sai bangwaye biyu na ciki da suka raba ɗakunan. Daga tsakiyar bangon gaba zuwa tsakiyar na baya mita 4.275 ne, amma ramin ciki ba ya kaiwa can, domin a kowane ƙarshe ya faɗa cikin ramin waje da aka riga aka ƙirga. Sai a cire faɗin rami ɗaya, rabi nan rabi can, kowanne ya koma mita 3.6, biyun 7.2. Jimillar tsawo ta zama mita 39.3.

39.3 × 0.675 × 0.225 = 5.97

Kubik mita shida kenan, in an cike. Wanda ya sa zurfin rami 0.9 a madadin kauri zai samu kusan 24, ninki huɗu, ya tsorata ya ɗage aikin sai baɗi, ko kuwa wani mai wayo ya karɓi kuɗin kaya a kan wannan adadin. Wanda kuma bai damu da layin tsakiya ba, ya haɗa 33 na waje da 9 na bangwayen ciki biyu kawai, zai samu 6.4. Wannan bambancin ƙarami ne, kuma a ƙaramin gini ba na tayar da jijiyar wuya a kansa. A gida mai ɗakuna da yawa da banɗaki da kicin, inda mahaɗar ramuka ta kai goma sha, ya fara zama kuɗi.

Masu aiki da ƙafa da inci kuma, a kiyaye abu ɗaya. Inci tara ba 0.9 na ƙafa ba ne, 0.75 ne, domin inci goma sha biyu ke cika ƙafa. In an gama ninkawa da ƙafa, a raba da 35.3 a samu kubik mita.

Daga nan sai kaya. Haɗin da aka saba yi wa irin wannan harsashi marar rodi shi ne 1:3:6. Buhun siminti mai kilo 50 yana cika kwano biyu, saboda haka kowane buhu yana tafiya da kwano shida na yashi da goma sha biyu na tsakuwa. Busasshen kaya yana raguwa in an kwaɓa, domin yashi na shigewa tsakanin tsakuwa, siminti na shigewa tsakanin yashi. Shi ya sa kubik mita ɗaya ke cin kimanin buhu huɗu da rabi. Shida za su ci buhu 27, da yashi kusan kubik mita uku, da tsakuwa biyar da rabi. Nakan ce a ƙara kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na abin da zai zube ko ƙasa ta sha, a tanadi buhu 29 ko 30.

Duk wannan a takarda ne. Ramin da diga da shebur suka haƙa ba ya bin takarda, kuma abin da ya fi cinye simintin mutane kenan. A ce lebura ya saki hannu ramin ya fita 0.75 a maimakon 0.675, ƙasansa kuma kwari da tudu ne har kankaren ya kai 0.25 a matsakaici. Da ido ba za ka ga wani abu ba, 'yan yatsu ne. Amma 39.3 sau 0.75 sau 0.25 ya ba da kusan 7.4, ƙarin da ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu, wato buhu shida da ba a yi shirinsu ba. Sai rana ta yi tsaka siminti ya ƙare, a tsaya jiran mai babur ya kawo, kankaren farko ya fara kamawa, a samu gaɓa a inda ba a so. Don haka ba na sayen kaya da awon zane. Bayan an gama haƙa nakan bi ramin da tef, in auna faɗi a ƙasansa duk bayan taku biyar ko shida, in ɗauki matsakaici. Sannan a kafa guntayen rodi a ƙasan ramin, a daidaita kawunansu da tiyon ruwa, su zama alamar inda kankare zai tsaya. In ruwan sama ya sauka tsakanin haƙa da zubawa, a kwashe taɓon da ya rufta a sake awo, domin ramin ya riga ya ƙara faɗi.

Akwai kuma hanyar da mai gida zai bi diddigi ranar zuba kankare ko da bai iya lissafi ba. Da wannan faɗin da wannan kaurin, buhu ɗaya yana rufe kimanin mita ɗaya da rabi na rami, tsawon bulo uku da 'yan kai. In ka ga buhu ɗaya ya miƙe mita biyu da rabi, to ko an rage kauri, ko an cika yashi. In kuwa bai kai mita ɗaya ba, ramin ya wuce awo, ko buhuna na bin wata hanya.

Lissafin nan yana faɗa maka yawan kankare ne kawai, ba ya faɗa maka ko faɗin da kaurin sun isa ɗaukar ginin. A jar ƙasa mai ƙarfi, 0.675 da 0.225 sukan wadatar wa gidan ƙasa. A fili mai kusa da fadama, irin inda ake noman rake, laka na kumbura da damina ta tsattsage da rani, kuma can sai injiniya ya duba ƙasar kafin a tsayar da awo, haka ma in bene ake nufi. A fili mai gangare kuwa akan yi harsashin hawa-hawa, kankaren sama ya ɗan hau kan na ƙasa a kowane mataki, sai a lissafa wannan hawan daban a ƙara a kan jimilla.