Yadda ake toshe kafar da waya ke zurarar da kuɗi

Gwaggona da ke Kubwa ta kira ni wata Asabar da sassafe, muryarta a sama. "Ɗan nan, an shiga asusuna. Duk Juma'a sai alat ya shigo, an cire dubu huɗu da ɗari biyar." Na ce, "Gwaggo, karanto min abin da aka rubuta a jikin alat ɗin." Ta harhaɗo haruffan da ƙyar: GOOGLE, tauraro, sai sunan wata manhajar gyaran hoto. Jikarta ce ta sauke ta lokacin wani biki, ta danna gwajin kyauta na kwana uku. Kwana ukun na cika, biyan mako-mako ya fara. Mako huɗu, naira 18,000.

Ta ce ai tun tuni ta goge manhajar. To, a nan kowa ke faɗawa. Goge manhaja ba ya tsayar da biya, domin yarjejeniyar tana cikin asusun Google ko na Apple, inda aka ajiye lambar katin banki.

Saboda haka daga alat ake farawa. In ka ga GOOGLE, Play Store za ka nufa. In ka ga APPLE.COM/BILL, aifon ce. In sunan kamfanin kaɗai ya fito, wataƙila a shafinsu aka biya kai tsaye, can za ka je ka soke. Wanda kuma ake zarewa daga kuɗin kiran waya, yawanci tsakaninka ne da kamfanin layinka.

A Android hanyar gajera ce. Buɗe Play Store, taɓa hotonka a sama ta dama, shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions, zaɓi manhajar, danna Cancel subscription. A aifon kuwa Settings ne, sai sunanka da ke can sama, sai Subscriptions.

Da na je wajen Gwaggo na yi haka a wayarta, sai na tarar da shafin wayam. Babu komai, alhali jiya-jiyan nan aka cire kuɗi.

Wannan gaɓar na koye ta ne a zaune kan benci a Banex Plaza da ke Wuse 2, wajen wani mai gyaran waya, ɗan Kano, da ke sallamar irin wannan matsala kafin shayinsa ya huce, sau tari bai karɓi ko sisi ba. Abin da yake fara dubawa shi ne imel nawa ne a wayar. Yawancin wayoyin mutanenmu suna ɗauke da biyu ko uku: wanda aka buɗe maka a shago ranar da ka sayi wayar, wanda ɗanka ya saka, da naka na ainihi. Play Store kuwa na asusu ɗaya yake nunawa a lokaci guda. Sai ka taɓa hoton nan, ka danna 'yar kibiyar da ke gefen sunan, ka bi asusun ɗaya bayan ɗaya. In duk ba a gani ba, a shiga akwatin kowane imel a nemi rasit daga Google Play. Wanda rasit ɗin ya shiga, shi ne mai biyan. A wayar Gwaggo a na uku muka same shi, imel ɗin jikar.

Sokewar ma sai an kai ta ƙarshe. Za a tambaye ka dalili, wani lokaci a nuna maka Pause payments. Wannan dakatarwa ce, wa'adi na cika za su dawo. Ci gaba da dannawa har ka ga an rubuta an soke, tare da ranar ƙarewa. A aifon, in babu maɓallin sokewa ko ka ga ranar ƙarewa da jan rubutu, aiki ya yi. Kwanakin da ka riga ka biya kuwa naka ne har su cika. In gwajin kyauta ne a aifon, soke shi aƙalla awa 24 kafin ya ƙare.

Wasu sukan kwashe kuɗin asusun su ce sun huta. A ganina wannan ɗage matsala ce kawai: za a yi ta gwada katin na wasu kwanaki, albashi na shiga a cire.

Amma kada a soke komai ido rufe. In Google One ne, in ka soke, kwanakin da ka biya na cika wurin ajiyarka zai koma GB 15 na kyauta, in kayanka sun haura haka imel zai daina shigowa. A fara kwashe hotuna tukuna.

Kuɗin da ya tafi fa? Mai aifon ya nema a reportaproblem.apple.com. Google kuma ya fi sauraron wanda ya nema cikin awa 48. Mun nemi na Juma'ar ƙarshe, aka dawo da shi. Na sauran makonni ukun Gwaggo ta haƙura. Kafin in taso na kunna mata Purchase verification a Play Store, yanzu ba a sayen komai a wayar sai da yatsanta.