Banɗakin Hostal: Daga Takarda Ake Gyara Shi

Idan banɗakin hostal ya yi wari, nan take mu kan ce ɗalibai ƙazamai ne. Ni da nake shekarar ƙarshe ta difloma a fannin zanen gine-gine, ina ganin sau da yawa tun kan takarda aka shuka matsalar, kafin birkila ya ɗora bulo ko ɗaya.

Mu ɗauki bene mai ɗakuna 10, kowane ɗaki mutum 4, wato ɗalibai 40. A zanen da na yi na aikin kammalawa, na ba kowane mutum 8 makewayi ɗaya da wurin wanka ɗaya, biyar-biyar ke nan, kuma na raba su. Dalili kuwa, da safe kowa a lokaci guda yake buƙata. In aka haɗa wanka da makewayi a ƙofa ɗaya, mai wanka ya tare mai uzuri, sai ka ga layin bokitai har baranda.

Amma inda aikin yake shi ne daɓe. Ruwa ba ya san roƙo, gangara kawai yake bi. Na yi amfani da gangarar 1 cikin 60: kowane santimita 60 na tsawo, daɓen ya sauka santimita 1. Ke nan in daga bango zuwa rariya mita 3 ne, bakin rariyar zai yi ƙasa da santimita 5. Gwajin ba wuya, ka kwara bokiti ɗaya ka tsaya. In ruwan ya kwanta a kusurwa, gansakuka da santsi suna tafe, kuma ba tsintsiyar da za ta raba ka da su. Daɓen banɗakin kuma ya ɗan yi ƙasa da na baranda, don kada ruwa ya biyo mu ɗaki. Ita kanta rariyar tana son lanƙwasasshen bututu a ƙarƙashinta mai riƙe ruwa kaɗan. Wannan ruwan ne ke toshe warin da ke tasowa daga sokawe. In kun dawo dogon hutu kuka tarar da wari alhali wurin a bushe yake, ruwan ne ya ƙafe. Buta biyu ta wadatar.

Sutura kuwa, tagogi na kai su sama, mita 1.8 daga ƙasa, iska ta shiga, ido bai shiga ba. Na kuma sa ɗan bango a mashiga, yadda mai wucewa ba zai hango ciki ba. Banɗakin yana cikin ginin, bayan ƙofar da mai gadi ke tsaro, musamman a ɓangaren mata, don kada wata ta ratsa tsakar gida da tsakar dare. Ƙofofin kuma waje suke buɗewa, saboda in wani ya yanke jiki ya faɗi a ciki, jikinsa ba zai tokare ƙofar ba.