Gujiya ko Gyaɗa? Tsarin Darasi kan Rubuta Sunan Kaya a Shagon Intanet

Na tsara wannan darasi ne domin ma'aikatan ƙungiyoyin haɗin gwiwa na Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, waɗanda suka fara tallar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da zogale a intanet. Zama uku ne, kowanne na awa ɗaya.

Zama na farko a kan jerin kalmomi yake. A yankin suna na Hausa, mallaka bayan kai take zuwa, siffa kuma tana iya zuwa gabansa ko bayansa. Fuskar waya kuwa ƙarshen suna take datsewa idan ya yi tsawo. Saboda haka kayan da kansa shi zai zama kai. Mai koyarwa ya rubuta wannan a allo: "Sabuwar kwalbar ingantaccen man matan Tibiri". Sai ya tambaya: mene ne ake sayarwa? A nahawu dai kwalba ce, kuma ba a faɗi ko man mene ne ba. Gyaran shi ne: "Man gyaɗa, lita 1, Tibiri". Abu, sannan awo, sannan asali.

Zama na biyu ya fi wuya, domin ya taɓo karin harshe. Bamaraɗe ya ce gujiya, gyaɗa yake nufi. Bakano ya ji gujiya ko gurjiya, hankalinsa kan abin da mu muke kira ƙwaruru zai tafi. Kalma ɗaya, amfanin gona biyu, kuma kuskuren ba ya bayyana sai buhu ya tsallaka Ɗan Isa ya isa Jibiya. A ganina bai kamata a kori kalmarmu ba. A haɗa su, a rubuta "Gyaɗa (gujiya) ɓararriya". A nan ne kuma za a duba haruffa masu ƙugiya. Masu saye da yawa "gyada" ko "kouli-kouli" suke bugawa, kuma ba kowane akwatin bincike ke ɗaukar ɗ da d a matsayin abu guda ba. Kowane ɗan aji ya gwada a wayarsa. Idan kaya bai fito ba, a bar daidaitaccen rubutu a sunan, a zuba sauran a cikin bayanin ƙasa.

Har ila yau, rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa "garin Jiratawa" zai iya zama gari na mutane ko gari na niƙa. "Garin zogale, giram 250, Jiratawa" ya raba gardama.

Zama na uku gajere ne. Tiya awon cika ce, nauyinta na sauyawa daga gero zuwa gyaɗa, don haka kilo ko giram za a rubuta. Farashi ba ya shiga suna, balle da lissafin dala, inda "ɗari biyu" ke nufin sefa 1000.

A ƙarshen zaman, kowa ya karanta wa maƙwabcinsa suna biyar ba tare da nuna hoto ba. Wanda maƙwabci ya ce "na mene ne?" ko "nawa ne a ciki?", a sake rubuta shi.