Yadda Ake Raba Rubutun Rahoto Gida Biyu: Hoto da Sauti

’Yan uwa ɗalibai, a darasinmu na wannan mako za mu duba takardar da ake miƙa wa mai tace hoto, wato edita. Rubutun zube da muka saba yi yana faɗin abin da za a ji ne kawai. Shi kuwa edita yana so ya san abin da za a gani a daidai lokacin da ake furta kowace jimla. Idan ba mu faɗa masa ba, sai ya yi kintace, a ji ana maganar shuka, ga hoton ƙofar makaranta.

Maganin wannan shi ne a raba takarda gida biyu. Hoto a hagu, sauti a dama. Haka aka saba a aikin talabijin. Duk abin da ke layi ɗaya, to lokaci ɗaya zai faru.

Misalin da za mu yi aiki da shi

A ce ga rubutunmu: “Ranar Asabar ɗalibai sun dasa dogonyaro 40 a bayan ajujuwa. Kowane aji ya karɓi biyar, zai riƙa yi musu ban ruwa safe da yamma. Malamin aikin gona ya ce nan da shekara uku za a samu inuwa.”

Da farko sai mu karanta shi da ƙarfi, mu ja layi duk inda ya kamata hoto ya sauya. Jimla ta biyu tana ɗauke da aiki biyu, karɓa da ban ruwa, don haka gida biyu za ta ci. Jimla ta uku kuwa ba mai karanta rahoto ne zai faɗe ta ba. Tunda mun yi hira da malamin, gara a ji daga bakinsa. Ga yadda takardar za ta koma:

| HOTO | SAUTI |
|---|---|
| 1. Daga nesa: ɗalibai na haƙa ramuka a bayan ajujuwa. Daƙiƙa 5. | MURYA: Ranar Asabar ɗalibai sun dasa dogonyaro arba’in a bayan ajujuwa. |
| 2. Tsaka-tsaki: shugaban aji na karɓar dashe. Daƙiƙa 3. | MURYA: Kowane aji ya karɓi biyar, |
| 3. Daga kusa: ruwa na zuba a gindin dashe. Daƙiƙa 4. | MURYA: zai riƙa yi musu ban ruwa safe da yamma. SAUTIN WURI: ƙarar ruwa, ƙasa-ƙasa. |
| 4. Malamin, daga ƙirji zuwa sama. A rubuta sunansa da muƙaminsa a ƙasa. Daƙiƙa 8. | HIRA: daga “Wannan itace...” zuwa “...za a samu inuwa.” |

Abubuwan lura

Mun ba kowane layi lamba, don in za a yi gyara a ce “layi na 3” kawai. Mun rubuta “arba’in” da haruffa domin kada mai karatu ya yi tuntuɓe. A wurin hira mun sa kalmomin farko da na ƙarshe, saboda edita ya san inda zai yanka. Sunan malamin kuma ya shiga gidan hagu, domin da ido ake karanta shi.

Daƙiƙoƙin ba da ka ake sa su ba. Mu buɗe agogon waya, mu karanta kowane layi a natse, mu rubuta abin da ya nuna. A misalinmu, 5 da 3 da 4 da 8 sun ba mu daƙiƙa 20. Idan an ware mana 15, tun a takarda za mu rage, ba sai edita ya yi rabin aiki ba.

Yadda ake gane kuskure

Mu rufe gidan dama da littafi, mu karanta na hagu shi kaɗai. In labarin bai fito ba, akwai hoton da ya ɓace. Haka kuma in muka ga magana ta cika layi shida alhali hoto ɗaya ne a gefenta, mai kallo zai gaji. Sai a raba ta ko a koma a ɗauko ƙarin hoto. Kada kuma mu rubuta “hoton farin ciki”, domin edita ba zai same shi a cikin waya ba. Mu rubuta abin da kyamara ta ɗauka: ɗaliba na murmushi, riƙe da bokiti.

Masu bugawa a kwamfuta su yi jadawali na gaske ta hanyar `Insert`, sannan `Table`. Wanda ya raba gidajen da tazara kawai, da zarar ya ƙara kalma ɗaya komai zai goce.

Aikin mako: kowane ɗan ƙungiya ya ɗauki jimla huɗu daga rahoton taron safe, ya raba su gida biyu, ya auna daƙiƙoƙinsu, ya kawo zamanmu na gaba.