Takardar Baba ta ce jingina, ba saye ba

Wata ɗiya daga Wurno ta rubuto mini. Bayan sadakar arba'in ta mahaifinta, ta buɗe adakarsa ta tarar da takardu ƙunshe cikin leda, gara ta ɗan taɓa gefensu. Ɗaya da ajami take, mai kwanan watan Rajab 1420, tana maganar gonar fadama a wajen Goronyo da naira 60,000. Tun tasowarta take jin ana cewa "gonar Baba", don haka ta ɗauka takardar ciniki ce. Sai da ta karanta sau uku tana haɗa baƙi, sannan idonta ya tsaya kan kalmar jingina. Daga nan ta tuna dattijon da ke zuwa gaishe shi duk kaka, su keɓe a zaure, Baba ya sa a ɗora masa buhun shinkafa.

Ɗiyata, daidai kika karanta, kuma na san abin ya yi miki nauyi. Wanda ya sayar ya rabu da gonarsa. Wanda ya jinginar kuwa kuɗi ya karɓa, gonar tana nan tasa, ranar da ya mayar da kuɗin ya fanshi abinsa. Daɗewarta a hannun mahaifinki tun 1999 ba ta mayar da ita tasa ba. Abin da zai shiga gadonku kuɗin ne.

Ga lissafin, idan ya bar mata ɗaya, ɗa ɗaya da ke, kuma iyayensa sun riga shi rasuwa. Bayan an biya bashin da ke kansa an fitar da wasiyya, idan 60,000 ɗin ta rage cif, mahaifiyarki tana da tumuni, wato 7,500. Ɗan'uwanki ya ɗauki 35,000, ke kuma 17,500. Inda rigima ke tashi shi ne kuɗin 1999 ba su da darajar na yau, sannan malamai suna da magana kan amfanin da aka ci a gonar jingina. Wannan sai sulhu a gaban malami masanin gado, ko kotun shari'a.

Kafin nan, ki ɗauki hoton takardar gaba da baya. Kada ki liƙe ta cikin roba da zafi, kuma kada ki ba kowa ta asali ya tafi da ita. Ki sake bincika adakar, ko akwai wata takarda ta baya da ke nuna an fanshe gonar ko an cika kuɗi an saye ta, domin ita ce za ta rushe ta farko. Sai ki duba sunayen shaidu a ƙasan takardar, ki roƙi baffanki ya raka ki wurin maigarin da gonar ke ƙasarsa.

Ki hanzarta neman shaidun nan tun suna raye, kuma ki roƙi 'yan'uwanki kada a sa igiya a gonar kafin a ji ta bakin dattijon nan.